Magen Farisa a Kurmin Sarki? A Fara Tambayar Muzurun Unguwa

Kiwon mage don sha'awa ya shigo gari. A da aikinta kamun ɓera a rumbu da ɗakin ajiya, ladanta ƙayar kifi da ɗan sauran tuwo. Yanzu kuwa samari da 'yan mata a unguwanni irin su Kurmin Sarki a Suleja suna raɗa mata suna, su ɗaura mata 'yar ƙararrawa a wuya, su ɗauke ta hoto su watsa a waya. Da zarar hoton ya fita, tambaya ɗaya ce ke biyo baya: wace iri ce? Masu amsawa kuma ba sa ƙarewa. In gashinta ya yi tsawo, 'yar Farisa ce. In ruwan toka ce, shuɗiyar Rasha ce. In kunnuwa da jela sun fi jiki duhu, ta Siyam ce. In kuwa ƙaton muzuru ne mai zane a goshi, wani da ya ƙoshi da kallon bidiyon Amurka zai rantse da cewa Men Kun ne.

Kusan duk waɗannan amsoshi kuskure ne. Magen da ke cikin hoton, ko a Suleja aka ɗauke shi ko a Landan, mafi yawan lokuta magen gida ce kawai, wadda iyayenta da kakanninta suka haɗu a kan katanga ba tare da shawarar kowa ba.

A Birtaniya ma, ƙasar da aka ƙirƙiro gasar maguna da rajistarsu, haka abin yake. Kwalejin likitocin dabbobi ta Landan tana da wani shiri mai suna VetCompass da ke tattara bayanan asibitocin dabbobi, kuma binciken da aka yi da waɗannan bayanai ya nuna kusan tara cikin goma na magunan da ake kai wa likita ba su da wani iri mai suna. Waɗannan fa su ne masu gata, waɗanda aka biya kuɗi aka duba lafiyarsu; ba a ƙirga na kan titi ba. Magen da ya fi kowane shahara a siyasar ƙasar, Larry na fadar firaminista, an ɗauko shi ne daga gidan tsintattun dabbobi na Battersea a watan Fabrairun 2011, muzuru mai ratsi-ratsi da farin ƙirji irin wanda za a iya gani yana shawagi bayan mahauta a kasuwar IBB ta Suleja. To in can haka ne, ina ga unguwar da babu wanda ke rubuta ranar haihuwar mage?

Dalilin yana cikin yadda mage ta shigo gidan ɗan Adam tun farko. Kakarta ita ce kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda har yau tana nan a dazuzzukan yankin Sahel. Lokacin da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka taru, ita kuma ta biyo ɓerayen. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500 da aka binne mutum da mage kusa da shi. Tun daga wancan zamani, dubban shekaru, mutum bai ga dalilin sauya mata siffa ba, domin aikin da yake so ta yi ta riga ta iya shi tun daga daji.

A kwatanta da tumaki. Bahaushe kan kalli rago daga nesa ya ce wannan Balami ne, wancan Uda ne, kuma da wuya ya yi kuskure, saboda makiyayi shi ke zaɓar ragon da zai bari a garke, sauran ya fiɗiye su ko ya kai kasuwa. Shekara da shekaru ana wannan zaɓi, har tsawon ƙafa da faɗin kunne da rabuwar launi biyu a jikin Uda suka zauna daram. Muzuru ba shi da makiyayi. Da dare ya yi sai ya tsallake katangar gida biyar, da asuba ya dawo da yakushi a hanci. Shi ya sa magunan gari guda suke zama tafki ɗaya da kowane launi da kowace siffa ke yawo a cikinsa.

Zancen iri mai suna sabon abu ne. A watan Yulin 1871 wani mai zane ɗan Ingila, Harrison Weir, ya shirya babbar gasar maguna a Crystal Palace da ke Landan, ya kuma rubuta sharuɗɗan da alƙalai za su bi wajen ba da maki. Daga nan ƙungiyoyin rajista suka biyo: CFA a Amurka a 1906, GCCF a Birtaniya a 1910, FIFe a Turai a 1949, TICA a 1979. Su kansu ba su daidaita kan adadi ba: CFA ta amince da iri arba'in da 'yan kai, TICA ta haura saba'in. Garin Suleja kansa, wanda Abu Ja ya kafa a 1828, ya girmi tsarin gaba ɗaya.

Abin da ƙungiyoyin nan ke kira iri shi ne zuri'a rufaffiya da aka rubuta asalinta uwa da uba, aka kuma hana ta cuɗanya da na waje sai da izini. Daga ina aka samo iyayen farko? Daga cikin magunan gida. A 1961 wani makiyayi mai suna William Ross ya ga wata farar mage, Susie, a wata gona a Sikotland, kunnuwanta a lanƙwashe. Daga gare ta duk magunan nan masu naɗaɗɗen kunne suka fito. Mage marar gashi da ake kira Sifinkis ta fara ne da wani ɗan mage da wata magen gida ta haifa a Toronto a 1966.

Misalin da ya fi kusa da gida yana Kenya. A gefen dajin Arabuko-Sokoke akwai maguna masu wani zane kamar ɓawon itace, waɗanda mutanen Giriyama suka daɗe da sani. A 1978 wata mai gonar kwakwa, Jeni Slater, ta tsinci wasu 'ya'yansu ta raine su, ƙawarta Gloria Moeldrup ta tafi da wasu Denmark, a 1993 FIFe ta amince da su a matsayin iri mai suna Sokoke. 'Yan uwansu da aka bari a Kenya suna nan suna kamun ɓera babu takarda. Jini ɗaya ne, littafin rajista ne kaɗai ya raba su. Binciken ƙwayoyin gado da ayarin Leslie Lyons ya wallafa a 2008, a kan maguna sama da 1,100 daga sassan duniya, ya tabbatar da wannan kusanci, ya kuma ƙara da wani abin dariya: magen Farisa ta yau, duk da sunanta, ta fi kusa da magunan gida na yammacin Turai.

Ma'anar wannan ga mai kallon hoto a bayyane take. Tunda daga tafkin magunan gida aka ɗebi kowane iri, siffofin da aka san irin da su ba su ƙare a tafkin ba. Idan magen Kurmin Sarki ta yi kama da ta mujalla, ba lalle ba ne ta gaji ta mujallar. Sau da yawa kakanni ɗaya suka yi tarayya a kansu tun kafin a buɗe littafi.

A ɗauki dogon gashi, wanda shi ya fi ruɗar mutane. Ƙwayar gado guda ɗaya ce ke kawo shi, masana na kiranta FGF5, kuma mai ɓuya ce: sai ɗan mage ya gaje ta ta wajen uwa da ta wajen uba sannan gashin zai yi tsawo. Wanda ya gaji guda ɗaya gashinsa gajere ne, amma yana ɗauke da ita. In irin waɗannan masu ɗauke da ita biyu suka haɗu, kowane ɗa yana da damar ɗaya cikin huɗu ta fitowa da dogon gashi. Ga lissafi na misali: a ce ɗaya cikin goma na ƙwayoyin da ke yawo a unguwa ta dogon gashi ce. Mage ɗaya tak cikin ɗari za a gani da dogon gashi, amma goma sha takwas cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar a ɓoye. Don haka wata rana magen gidan malam, wadda kowa ya san uwarta da kakarta, za ta haifi 'ya'ya huɗu, ɗaya ya fito buzu-buzu, maƙwabta su ce wani muzurun Turawa ne ya ratso. Babu wanda ya ratso. Abin yana nan tuntuni yana jiran abokin haɗuwa.

Ruwan toka ma haka yake: baƙi ne da wata ƙwaya mai ɓuya ta tsinke shi, ta hanyar sa launin ya taru guntu-guntu a cikin silin gashi maimakon ya bazu. Zanen goshi mai kama da harafin M kuwa na kowace mage mai ratsi ne, tun daga kakarsu ta daji.

Na Siyam ya fi ban sha'awa. A jikin irin wannan mage sinadarin da ke rina gashi ba ya aiki sai inda fata ta yi sanyi, wato kunnuwa da hanci da ƙafafu da jela. A cikin mahaifa ko'ina da ɗumi, shi ya sa ake haifar 'ya'yan kusan farare tas, sai daga baya gefe-gefen su fara duhu. Gashin da ya tsiro lokacin hunturu yakan fi na bazara duhu. Wannan ma ƙwaya ɗaya ce mai ɓuya, tana iya tafiya zuri'a bayan zuri'a ba a gan ta ba. Ta Siyam ta gasa tana da wasu sharuɗɗa da yawa bayan launi: siririn jiki, doguwar fuska, manyan kunnuwa. Mai zagayayyen kai da gajerun ƙafafu da baƙin hanci launin kawai ta samu.

Sai mage mai launi uku, fari da baƙi da ruwan goro, wadda wasu ke ɗauka wani iri ne na daban. Launi ne, kuma kusan dukkansu mata ne. Ƙwayar da ke zaɓa tsakanin ruwan goro da baƙi tana zaune a kan kuromosom X. Mace tana da X biyu, za ta iya ɗaukar launukan biyu. Namiji yana da ɗaya, sai dai ya ɗauki guda. Sai a 2025 ne ma ayari biyu na masana, ɗaya a jami'ar Stanford ta Amurka, ɗaya a jami'ar Kyushu ta Japan, suka wallafa ainihin inda sauyin yake.

Da wannan ilimi mutum zai iya karanta labarin kwali guda na 'yan maguna. A ce mai launi uku ta haihu a bayan buhunan masara, 'ya'ya biyar: namiji ruwan goro, namiji baƙi, mace mai launi uku, mace ruwan goro, da mace baƙa. Mazan ba su da wata magana, domin namiji daga uwa kaɗai yake karɓar X, ita kuma tana da launukan biyu. Matan ne ke tona asiri. Mace ba ta zama ruwan goro zalla sai uba ma ruwan goro ne, ba ta kuma zama baƙa ba tare da ɗigon ruwan goro ba sai uban ba ruwan goro ba ne. Muzuru ɗaya ba zai cika sharuɗɗan nan biyu ba. Ke nan haihuwar uba biyu gare ta, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurin maguna: barbara ce ke sa mace ta saki ƙwai, tana iya karɓar muzuru fiye da ɗaya a 'yan kwanakin, bayan kwana 63 zuwa 65 ta zubo 'ya'yan kowa a wuri ɗaya. Wanda zai ɗauki ɗaya daga cikin biyar ɗin nan hoto ya tambayi irinsa, tambayar ta wuce inda amsa take. Uwar ma da za ta yi magana sai ta yi ɗan tunani.

Ita kanta kyamara tana da nata laifin. Gilashin waya in an matso da shi kusa yakan kumbura abin da ke gabansa, kai ya yi girma, idanu su yi dara-dara. Mai riƙe da muzuru in ya miƙo hannu gaba sai dabbar ta ninka girmanta a ido. Duk ɗan mage idonsa shuɗi ne lokacin da ya buɗe shi, sai wajen mako shida zuwa bakwai launin gaskiya ke fara fitowa, saboda haka "farar mage mai shuɗin ido" da aka ɗauka tana wata ɗaya tana iya zama mai ido ruwan ɗorawa kafin ta cika wata uku. Gashin jarirai kuma a tsaye yake kamar auduga ko da gajere zai zama. Hoto ba ya nuna nauyi, ba ya nuna kaurin ƙashi, balle ya nuna uwa da uba.

Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa Suleja ba ƙauye ne da ke bayan duniya ba. Garin da ya bar wa babban birnin tarayya sunansa yana bakin ƙofar Abuja, dubban masu aiki a can nan suke kwana. A Abuja akwai ma'aikatan jakadanci da attajirai da ke shigo da maguna daga waje, wasu da takardunsu. Irin waɗannan sukan haihu, a yi kyauta da 'ya'yan ga direba ko mai aikin gida, ɗan ya iso Madalla ko Kurmin Sarki a cikin kwali. Ke nan akwai magunan da da gaske suna da kaka 'yar Farisa. Sai dai jinin ba ya daɗewa. 'Ya'yan farko rabi ne, jikoki kashi ɗaya cikin huɗu, tattaɓa-kunne ɗaya cikin takwas, kuma tunda mage kan fara haihuwa kafin ta cika shekara, cikin shekara uku ko huɗu an gama. Abin da ke saura shi ne ƙwayar dogon gashin nan, wadda ba ta narkewa, sai dai ta ɓuya ta sake ɓullowa. A wurin ƙungiyoyin rajista kuwa ko ta farkon, mai rabi, ba 'yar Farisa ba ce.

A nan ne kuɗi ke shigowa. Bisa al'ada Bahaushe kyauta yake karɓar mage, malamai ma sun yi saɓani a kan halaccin sayar da ita. Amma da aka liƙa mata sunan wata ƙasa sai ta koma haja mai tsada. Yawancin masu tallar "'yar Farisa" a waya ba lalle ne mayaudara ba. Haka aka faɗa musu lokacin da suka saya, haka suke faɗa. Wanda zai biya kuɗin iri, abin da zai nema bai wuce uku ba: takardar rajista daga ƙungiya sananniya mai lambar da za a iya tantancewa, jerin iyaye da kakanni aƙalla zuri'a uku, da ganin uwar da idonsa, uban ma in da hali. Katin rigakafi ba shi ne wannan takarda ba, domin abin da mai mage ya faɗa shi ake rubutawa a gurbin iri. Gwajin yawu da wasu kamfanonin waje ke sayarwa ma bai yanke hukunci a kan mage kamar yadda yake yi a kan kare, saboda irin maguna ba su yi nisa da magunan gida ba. Iyakarsa ya ce ta yi kama da wane rukuni.

Mai neman 'yar Farisa ta gaske kuma ya kamata ya san abin da yake nema. Ta gasa tana da zagayayyen kai, ƙananan kunnuwa nesa da juna, gajerun ƙafafu masu kauri, da hanci a dannane tsakanin idanu. Wannan fuska tana zuwa da hawaye da ba ya tsayawa, da cunkoson haƙora, da numfashi mai wahala, abin da zafin watan Maris da Afrilu a Suleja ke tsanantawa, balle a ɗakin da wuta ba ta zama. Gashin yana bukatar shacewa kullum, in ba haka ba ya dunƙule har ya ja fata. Akwai kuma ciwon ƙoda na gado, mai sa ƙulle-ƙullen ruwa a cikinta, wanda kafin a samu gwajinsa aka taras da shi a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na irin. Mai naɗaɗɗen kunnen nan ta Sikotland, wadda hotonta ke tashe, lahanin guringuntsi ne ya lanƙwasa mata kunne, kuma lahanin bai tsaya a kunne ba, yana kama gaɓoɓi da jela. GCCF ta daina yi mata rajista tun farkon shekarun 1970. Magen gida mai dogon gashi da hanci miƙaƙƙe ta tsira daga yawancin wannan, ko da an saye ta da sunan da ba nata ba.

Akwai 'yan siffofi da hoto ke iya nunawa da ƙarfi, kamar dannannen hancin nan, ko zanen damisa mai zobe-zobe na magen Bengal, wadda aka samar ta hanyar haɗa magen gida da wata kyanwar daji ta Asiya. Su ma alama ce ta dangantaka, rajista sai takarda. Rashin gashi kuwa a yi hattara da shi. Sifinkis fatarta sumul take, da ɗan laushi da tamoji, daga kai har jela. Ɗan magen da aka tsinta a lungu, gashinsa ya zube wuri-wuri, fatar tana garje ko ɓamɓaroki, makero ne ke damunsa ko ƙazuwa. Makero yana kama mutane, musamman yaran da za su yi ta rungumarsa, don haka a ware shi, a wanke hannu bayan an taɓa shi, a kai shi asibitin dabbobi kafin a kai ga tambayar irinsa.